Faifan caji da ya yi biris da akwatin iyafis: nazarin lamari guda

Ƙanwata ce ta kawo mini na'urorin biyu a cikin jaka ɗaya, faifan caji maras igiya da akwatin iyafis ɗinta, ta ajiye su a kan tebur ta ce, "Yaya, ɗaya daga cikin biyun nan ya lalace, ka duba mini wanne ne kafin in sayi wani." Bayanin da ta yi mini bai da tsawo. Faifan yana cajin wayarta kowane dare ba tare da wata matsala ba, akwatin kuma yana cika idan aka soka masa igiyar USB-C, amma da zarar ta ɗora akwatin a kan faifan sai a rasa abin da ke faruwa. Yawanci fitilar faifan ba ta ko motsawa, kamar ba a ɗora masa komai ba. Wani lokaci fitilar takan yi ta ƙyaftawa da sauri. Sau ɗaya kuma ta bar shi ya kwana a kai, da gari ya waye ta tarar da akwatin da ɗumi, batirinsa yana nan inda ta bar shi.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne alamomin uku ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na'urar da ta mutu takan nuna hali ɗaya kullum. Wadda ke yin shiru yau, ta ƙyafta fitila gobe, ta yi ɗumi jibi, tana da rai, kuma kowace alama amsa ce ga wani yanayi dabam da aka sa ta a ciki. Saboda haka na roƙe ta ta dakata da sayen sabo, ta bar mini su na yini ɗaya.

Faifan mai da'ira ne, faɗinsa kimanin santimita 10, an rubuta wat 15 a bayansa tare da tambarin Qi, wato ƙa'idar caji ba igiya, kuma a fuskarsa akwai wani zoben roba da ya ɗan taso domin kada waya ta zame. Akwatin kuwa ƙarami ne mai tudun baya, tsawonsa kimanin santimita 6, yana sanye da riga mai kauri, silikon daga ciki da roba mai tauri daga waje. A gefen rigar akwai zoben ƙarfe da ƙugiya, wadda take maƙala shi da ita a jikin jakarta.

Yadda faifai ke sanin an ɗora masa abu

Duk binciken ya rataya ne a kan fahimtar abin da ke faruwa a cikin daƙiƙar farko, don haka sai na tsaya a kansa. A cikin faifan akwai koyil, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe ta zagaye-zagaye a shimfiɗe kamar tabarmar da'ira. A irin faifan da aka fi sani faɗin wannan koyil ya ɗan haura santimita 4, ko da faifan kansa ya kai santimita 10. Sauran filin ba ya ba da caji. Wutar da ke bi ta cikin koyil ɗin tana juya alkibla fiye da sau 100,000 a daƙiƙa guda, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa a saman faifan. Idan akwai wani koyil a kusa, kamar wanda ke cikin waya ko akwatin iyafis, wannan ƙarfin yana haifar da wuta a cikinsa, a daidaita ta a tura ta batir.

Sai dai faifan ba ya sakin wuta haka kawai. A ƙa'idar Qi, wadda ƙungiyar Wireless Power Consortium ta fitar a 2010, faifai yana zama ne a yanayin jira, yana ɗan taɓa sararin samansa lokaci-lokaci don ya ji ko an ajiye wani abu. Idan ya ji alamar haka, sai ya saki wuta na ɗan lokacin da bai kai ƙyaftawar ido ba, ya saurara. A cikin wannan ɗan lokacin dole koyil ɗin akwati ya tara wutar da za ta tayar da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke kula da cajinsa, ita kuma ta mayar da amsa. Amsar ba ta bi ta Bluetooth ko wata hanyar rediyo. Akwatin yana ɗan sauya nauyin da yake ɗora wa koyil ɗinsa ne cikin wani tsari, faifan kuma ya ji wannan sauyin a jikin nasa koyil ɗin ya karanta shi a matsayin saƙo. Idan amsa ba ta zo ba, faifan zai janye wutar ya koma jira, kuma yawancin faifai ba sa kunna wata fitila a wannan hali, domin a ganinsu babu na'urar da za a yi wa caji.

Wannan shi ne ma'anar shirun da ƙanwata ta gani. Ko dai babu koyil a cikin akwatin sam, ko akwai amma wutar da ta isa gare shi ba ta kai ta tayar da ƙwaƙwalwarsa ba.

Ƙyaftawar fitila kuwa magana ce dabam. Bayan an fara caji, na'urar da ke karɓa tana ci gaba da gaya wa faifai yawan wutar da ta iso mata, shi kuma yana kwatanta ta da wadda ya fitar. Idan giɓin ya wuce abin da aka yarda da shi, faifan yana ɗauka cewa wani ƙarfe ne a tsakani ke shan wutar yana mayar da ita zafi, sai ya katse cajin ya ba da gargaɗi. Takardun na'urori suna kiran wannan kariya FOD, wato gano baƙon abu. Wasu faifai suna yin irin wannan gwajin tun kafin su fara ba da wuta. Launin fitila da salon ƙyaftawarta sun bambanta daga faifai zuwa faifai, don haka na nemi takardar wannan faifan, na tabbatar cewa ƙyaftawa da sauri a wurinsa tana nufin baƙon ƙarfe.

Tambayar farko: akwatin yana karɓar irin wannan cajin kuwa?

Ban taɓa komai ba sai da na warware wannan, domin duk wani gwajin daidaita zama ɓata lokaci ne a kan akwatin da babu koyil a cikinsa. Mutane da yawa suna dogara da sunan iyafis ɗin, alhali sunan ba ya isa. Kamfani ɗaya yakan sayar da iyafis iri ɗaya da akwati kala biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Misalin da aka fi sani shi ne AirPods na ƙarni na biyu da suka fito a 2019: an sayar da su da akwati mai karɓar caji a kan faifai, an kuma sayar da su da wanda sai igiya, kuma bambancin da ido ke gani shi ne fitilar na farkon tana gaban akwatin, ta na biyun kuma tana ciki, sai an buɗe murfi. Haka AirPods 4 na 2024, samfurin da ke da fasahar danne hayaniya ne kaɗai akwatinsa ke caji ba igiya. Wanda ya taɓa ɓatar da akwati ya sayi wani a madadinsa shi ya fi kowa shiga wannan ruɗanin.

Na buɗe murfin na karanta lambar samfurin da ke rubuce da ƙananan haruffa a ciki, na kwatanta da bayanin da kamfanin ya bayar, na ga an ambaci Qi a fili. Ƙyaftawar da ƙanwata ta gani ba ta isa hujja a nan ba, domin faifai yana iya ƙyafta fitila a kan akwatin da babu koyil saboda ƙarfen da ke cikinsa kawai.

Ta ɓangaren faifan ma akwai tambayar dacewa, kodayake a wannan lamarin ba ta daɗe ba. Ƙaramar cajar agogon hannu galibi tana amfani da tsarin kamfaninta ne, kuma akwatunan da aka ƙera musamman domin ta ne kawai ke caji a kanta. Cajar da ake jingina waya a tsaye kuma koyil ɗinta yana sama, daidai tsakiyar bayan waya, sai gajeren akwati ya zauna a ƙasa da shi. Na ƙanwata shimfiɗaɗɗe ne mai koyil ɗaya a tsakiya. Kan cajar da igiyarsa ma ban zarge su ba, tunda abin da ya iya ciyar da waya ba zai gaza akwatin da bukatarsa ba ta wuce wat 2 ko 3 ba.

Abu ɗaya na gyara kafin gwaji. Akwatin ya zo mini a cike, domin ta yi masa caji da igiya a daren jiya. Akwatin da ya cika yana aika wa faifai saƙon ya dakata, kuma mai kallo daga waje zai ga kamar an yi biris da shi. Sai na yi amfani da iyafis ɗin na wasu sa'o'i ina mayar da su ciki har batirin akwatin ya sauko kusan rabi.

Gwaji a tsirara, sannan a mayar da kaya ɗaya-ɗaya

Na cire rigar gaba ɗaya tare da zobenta, na goge fuskar faifan da bayan akwatin, na sa ƙaramin ma'aunin wuta na USB tsakanin kan caja da faifan domin in riƙa ganin abin da yake ja. A yanayin jira ma'aunin yana nuna bolt 5 da wutar da ba ta kai a ambata ba, sai ɗan tsalle da lambar ke yi lokaci-lokaci, wanda shi ne taɓawar da faifan ke yi. Na ɗora akwatin a tsakiya, bayansa a ƙasa, murfinsa a rufe. Cikin daƙiƙa biyu fitilar akwatin ta kama, ta faifan ma ta tsaya cak, ma'aunin ya hau zuwa kimanin amfiya 0.45, wato wat 2 da ɗan ɗoriya.

Na kira ƙanwata ta gani. Ta ce, "To ai ni ma haka nake ajiye shi, Yaya." Gaskiya ta faɗa, a tsakiya take ajiye shi, bambancin kawai rigar da ke kwance a gefe. Da wannan gwaji ɗaya zargin lalacewa ya sauka daga kan na'urorin biyu.

Na kuma kifa akwatin, gabansa a ƙasa, faifan ya yi shiru. Koyil ɗin akwati yana manne ne da bango ɗaya, kuma a bayansa akwai siririn fallen ferayit da ke tare ƙarfin maganaɗisu kada ya shiga batir ya ɗumama shi. Idan aka kifa akwatin, wannan fallen da batirin su ke shiga tsakani. Ƙanwata ta amsa cewa wani lokaci takan ajiye shi a kife idan tana sauri, kuma rigar ta sa gaba da baya sun yi kama.

Daga nan na shiga aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma shi ya bayyana asalin matsalar. Na manna farar takarda a fuskar faifan, na ja layi biyu da suka gitta a tsakiyarsa, na sa ɗigo a tsakiyar kowane gefen akwatin da fensir. Sai na riƙa matsar da shi milimita biyu-biyu, gaba da baya, hagu da dama, ina rubuta inda caji ya kama da inda ya ƙi. A kowane matsi ina ɗaga akwatin sama gaba ɗaya, in jira daƙiƙa biyar, sannan in sake ajiyewa. Wannan ɗagawar tana da muhimmanci, domin cajin da ya riga ya kama yana iya jurewa a wurin da ba zai taɓa farawa ba, kuma wasu faifai idan suka katse saboda kuskure ba sa sake gwadawa sai an ɗauke abin da ke kansu. Wanda ke jan akwati a kan faifai ba tare da ɗagawa ba zai samu sakamakon da zai ruɗe shi.

Abin da takardar ta nuna shi ne, akwatin a tsirara yana kamawa a cikin fili mai faɗin kimanin milimita 16. Amma tsakiyar wannan filin ba ta dace da tsakiyar akwatin ba. Sai an tura akwatin kimanin milimita 5 ta wajen murfi kafin a samu wurin da ya fi kyau, wanda ke nuna cewa koyil ɗin yana can ƙasa-ƙasa a jikin akwatin, nesa da murfi da mahaɗarsa ta ƙarfe. Wannan ba aibi ba ne a ƙira, murfin ya cinye kusan sulusin tsawon akwatin kuma ba a sa koyil a cikinsa. Ma'anarsa dai ita ce duk lokacin da aka daidaita tsakiyar akwati da tsakiyar faifai, koyil biyun sun riga sun goce da milimita 5. A tsirara wannan gociya tana cikin abin da ake jurewa, tunda filin ya kai milimita 8 ta kowane ɓangare.

Na mayar da rigar bayan na zare mata zoben ƙarfen, na maimaita aikin daga farko. Filin ya tsuke ya koma kimanin milimita 5 kacal, wato milimita biyu da rabi ta kowane ɓangare. Tsakiyar faifai, inda ƙanwata ke ajiye akwatinta da kyakkyawar niyya kullum, yanzu ta faɗa wajen filin.

Dalilin da riga ta tsuke filin haka

Silikon da roba da fata ba sa tare ƙarfin maganaɗisu, yana ratsa su kamar babu su. Illar riga ita ce tazarar da take ƙarawa, kuma ƙarfin yana raguwa da sauri sosai yayin da ake nisa da koyil. An tsara Qi ne domin tazarar milimita kaɗan, kuma masu ƙera faifai da yawa suna rubuta cewa rigar da ta wuce milimita 3 tana iya hana caji. Sai dai wannan adadin da waya aka auna shi. Koyil ɗin waya ya kusan kai girman na faifai, yana kama kaso mai yawa na ƙarfin da ke fitowa, don haka yana da rarar da zai yi asara. Koyil ɗin akwatin iyafis ƙarami ne, tun a tsirara ɗan kaso yake kamawa, kuma tazarar da waya ba za ta ji ba ta isa ta kai shi ƙasa da abin da zai tayar da ƙwaƙwalwarsa. A nan ne hujjar "ai yana cajin wayata" ke yaudarar mutane: tana tabbatar da lafiyar faifan, amma ba ta cewa komai game da ko ƙaramin koyil zai iya jin sa daga nesa.

Na auna bayan rigar, milimita 3 cif. Da na sunkuya na dubi faifan ta gefe, daidai da tebur, sai na ga wani abin da ban zata ba. Akwatin a tsirara, saboda bayansa mai tudu ne, cikinsa yana nutsewa a tsakiyar zoben robar faifan ya taɓa fuskar kai tsaye. Rigar kuwa bayanta a miƙe yake kuma ta fi zoben faɗi, sai ta hau kansa ta zauna, har ana hango siririn haske yana wucewa ta ƙarƙashinta. Wannan ya ƙara kimanin milimita 1. Rigar milimita 3 ta zama tazarar milimita 4 ke nan, ban da kaurin murfin faifan da bangon akwatin da dama suke tsakanin koyil biyun.

Ko a wurin da ya kama da rigar, ma'aunin ya nuna kimanin amfiya 0.6 maimakon 0.45. Akwatin bai ƙara bukata ba. Yana dai ta aika wa faifan saƙon ya ƙaro wuta domin abin da ke isowa bai isa ba, faifan kuma yana ƙarawa, rarar tana zama zafi a cikin koyil da ƙarafan da ke kusa. Don haka kamawar fitila kaɗai ba ta gamsar da ni cewa zama ya yi daidai ba. Caji yana iya tafiya a bakin gaɓa, yana ɗumama batir fiye da kima, ya kuma yanke da ɗan girgizar tebur.

Zoben ƙarfe da daren da akwatin ya yi ɗumi

Saura alamomi biyu, kuma duk sun fito da na mayar da zoben da ƙugiyarsa. Na sa akwatin a wurin da ya fi kyau, na bar ƙugiyar tana reto a wajen bakin faifan, caji ya tafi lafiya. Na sake ajiyewa kamar yadda mutum zai yi da hannu ɗaya, sai zoben ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin gefen akwatin. Ma'aunin ya hau sama na 'yan daƙiƙu, ya faɗi ƙasa, fitilar faifan ta shiga ƙyaftawa. Na taɓa zoben, har ya fara ɗumi.

Zobe yana cikin mafi munin siffar da ƙarfe zai zo da ita a kan faifai, domin rufaffiyar da'ira ce, tamkar koyil mai naɗi ɗaya da aka haɗe bakinsa biyu. Wutar da ƙarfin maganaɗisu ya haifar a cikinsa ba ta da inda za ta je sai ta yi ta zagayawa tana zama zafi. Tsabar kuɗi da makulli da fallen ƙarfen da ake mannawa a bayan riga domin maƙalawa a mota duk suna yin haka, har da takardar alminiyam da wasu lambobin ado masu ƙyalli. A wannan lamarin zoben ya yi ɓarna biyu a lokaci guda, ya sha wuta, ya kuma ɗage gefe ɗaya na akwatin ya karkatar da koyil ɗinsa.

Daren ɗumin shi ya fi damuna, don haka na nemi in maimaita shi. Na samu wani zama da zoben yake kwance a kan faifan dab da gefen akwatin ba tare da ya shige ƙasa ba, akwatin kuma yana bakin filinsa. A nan faifan bai ba da gargaɗi nan take ba. Caji yakan kama na ɗan lokaci, ya yanke, ya sake kamawa, kuma ma'aunin yana ta hawa da sauka. Bayan minti 20 akwatin da zoben sun yi ɗumi, batirin kuma bai ƙaru da abin kirki ba. Kariyar FOD tana aiki ne da iyaka, kuma ƙaramin ƙarfen da ke shan wutar da ba ta kai iyakar ba yana iya yin zafi ba tare da an gano shi ba. Batirin litiyam kuma ba ya son a yi masa caji da zafi, yawancin na'urori suna rage caji ko su tsayar da shi idan zafin ya kai wajen digiri 45 a ma'aunin Salsiyos. Ban bar gwajin ya wuce haka ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya bar akwati mai ƙarfe a jiki ya kwana a kan faifai da fatan kariyar za ta kama komai.

Ya kamata a sani kuma cewa faifai yana iya ƙyafta gargaɗin baƙon ƙarfe alhali babu wani baƙo. Idan gociya ta yi yawa, ƙarfin maganaɗisu yana sauka a kan ƙarafan akwatin kansa, kamar mahaɗar murfi, giɓin lissafin wutar ya ƙaru, faifan ya yi zaton an sa wani abu. Hanyar rarrabewa ita ce wadda aka bi a nan: a tuɓe akwatin, a share faifan, a daidaita koyil. Idan gargaɗin ya ɓace da gyaran zama kaɗai, gociya ce ta jawo shi.

Da akwatin ya ƙi kamawa a tsirara a kowane wuri bayan an tabbatar yana da Qi, da mataki na gaba shi ne a gwada shi a kan wani faifai dabam ko a bayan wayar da ke iya ba da caji. Idan ya kama a can, to wannan faifan ne bai iya jin ƙaramin koyil ba, abin da ke faruwa musamman da faifan da ba a tantance shi da ƙa'idar Qi ba. Idan ya ƙi ko'ina amma igiya tana cika shi, zargi ya koma kan koyil ɗinsa ko haɗinsa, wanda faɗuwa ƙasa ke iya tsinkawa. Ba mu kai nan ba.

Abin da aka yi

Ƙanwata ta tambaye ni ko faifai mai maganaɗisu zai raba ta da wannan wahalar. Tsarin MagSafe da ya zo a 2020, da Qi2 da aka sanar a 2023, suna amfani da zoben maganaɗisu ne domin su ja koyil biyun su zauna daidai, kuma gyara ne na gaske ga matsalar gociya. Amma sai akwatin ma yana da maganaɗisun da aka jera domin haka. Nata ba shi da su, yana da na riƙe murfi da na riƙe iyafis ne kawai, waɗanda ke iya jan sa gefe a kan irin wannan faifan. Na gaya mata kada ta kashe kuɗi a kan haka saboda wannan akwatin.

Mun zare zoben da ƙugiyar muka sa igiyar zare a ramin. Ta zaɓi siririyar rigar silikon mai kaurin milimita 1 da rabi wadda ke bin tudun bayan akwatin, don haka tana nutsewa a cikin zoben robar faifan maimakon ta hau kansa. Na sake zana filin da sabuwar rigar, ya fito kimanin milimita 12, kuma tsakiyar faifan ta dawo cikinsa, kodayake dab da bakinsa. Saboda haka na cire takardar gwajin na manna ɗan siririn tef a fuskar faifan, daidai inda ƙasan akwatin zai tsaya idan koyil ya hau kan koyil, na kuma sa ɗigon fenti a gaban rigar domin a san gefen da ke kallon sama.

Na nuna mata ta riƙa jiran fitilar akwatin ta kama kafin ta ɗauke hannu, ta kuma sani cewa fitilar takan mutu bayan 'yan daƙiƙu a akwatuna da yawa ko da caji yana tafiya, don haka ta faifan ce abin dubawa daga baya. A gwajin ƙarshe, daga rabin batir, akwatin ya cika cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna, ma'aunin yana tsaye a kusa da amfiya 0.5 har ya fara sauka, kuma da na ɗauke shi ɗuminsa bai wuce na tafin hannu ba.